Daga Takardar Umarni Zuwa Jadawalin Aiki: Wa Zai Yi Me, Kuma Yaushe

Takardar umarni ita ce hanyar da hukumar sa ido ke bi ta sanar da cibiyoyin da ke ƙarƙashinta wani sabon sharaɗi, ko ta gyara wanda ake aiki da shi, ba tare da an jira sabuwar doka daga majalisa ba. Yawanci ba ta wuce shafi ɗaya ko biyu, amma aikin da take haifarwa yakan ratsa sassa biyar ko shida na ma'aikata, ya ɗauki watanni. Hukuma tana jera maganarta ne bisa tsarin da ya dace da ita: dalili, sharaɗi, wa'adi, gargaɗi. Ma'aikata kuwa tana buƙatar wani tsari dabam, wanda zai nuna aiki ɗaya ɗaya, da wanda aka ɗora wa shi, da ranar da zai kammala, da abin da za a nuna idan masu bincike suka zo. Mayar da tsari na farko zuwa na biyu shi ne aikin sashen tabbatar da bin ƙa'ida, kuma abin da yake fitarwa shi ne jadawalin wajibai.

Misalin da za a bi a nan shi ne takardar da Babban Bankin Najeriya ya fitar ranar 1 ga Disamba, 2023, a kan lambar tantancewa ta banki, wato BVN, da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Tun 2013 aka kasa asusun ɗaiɗaikun mutane mataki uku. Mataki na ɗaya shi ne mafi sauƙin buɗewa, don a jawo talaka da mazauna karkara cikin harkar banki, kuma an sa masa iyaka a kan kuɗin da zai shiga da wanda zai zauna a ciki. Takardar 2023 ta rufe ƙofar buɗe irin wannan asusu ba tare da ɗaya daga cikin lambobin nan biyu ba.

Karatun farko

Kafin a nemi wajibi ko ɗaya, ana amsa tambayoyi huɗu a saman jadawalin: wa aka rubuta wa takardar, yaushe ta fito, wace tsohuwar ƙa'ida ta taɓa, kuma me aka liƙa mata. Takardar nan ta ambaci bankunan kasuwanci, da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, da bankunan biyan kuɗi, da sauran cibiyoyin kuɗi, da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya. Ƙaramin bankin tallafa wa masu ƙananan sana'o'i ba zai ga sunan rukuninsa ƙarara a jerin ba, amma yana cikin sauran cibiyoyin kuɗi, don haka takardar ta hau kansa. Kuskuren da ake yi a wannan gaɓa ya fi kowane tsada, domin ma'aikatar da ta ɗauka ba da ita ake ba, ba za ta buɗe jadawali ba sam.

Takardar ta gyara wani sashe ne na ƙa'idojin BVN da aka riga aka kafa, kuma ta zo da bayanin jagora a haɗe. Dole a ajiye ukun a tebur ɗaya: sabuwar takarda, da tsohuwar ƙa'ida, da abin da aka haɗo. Wanda ya karanta shafin farko kaɗai zai san abin da aka ce a yi, amma ba zai san abin da ya sauya ba, kuma sauyin ne ke nuna wane fom, wace manhaja da wane littafin aiki na cikin gida za a taɓa.

Tsinto wajibai

Karatu na biyu ana yin sa da alƙalami, jimla bayan jimla. Duk inda takardar ta ce dole, ko ta hana, ko ta sa rana, ana ja layi. Sannan a raba abin da aka ja wa layi gida uku: umarni, da shawara, da bayani. Dalilin da hukuma ta bayar a farkon takarda bayani ne, ba ya shiga jadawali. Kiran da takardar ta yi ga shugabannin sassan bin ƙa'ida su naƙalci bayanin jagora ya zo da lafazin shawara, amma mai hankali yana ba shi layinsa, saboda hukumar da ta ba da shawara a rubuce takan tambaya ko an bi.

Ƙa'idar da ke riƙe da jadawalin gaba ɗaya ita ce kowane layi ya ɗauki aiki ɗaya tak. Idan aka bi takardar da wannan ma'auni, za a ga kada a buɗe sabon asusun mataki na ɗaya ba tare da BVN ko NIN ba, daga ranar da takardar ta fito. Za a ga buɗe asusu ya fara da janyo bayanan mutum ta na'ura daga rumbun BVN da ke hannun NIBSS, kamfanin da ke daidaita biyan kuɗi tsakanin bankuna, ko daga rumbun NIN na hukumar NIMC, kuma abin da aka janyo ya zama tushen bayanan abokin hulɗa. Akwai shigar da asusu a kundin ICAD na NIBSS, wanda jimla ɗaya ce a takarda amma layi biyu ne a jadawali: tsofaffin asusu nan take, sababbi kuma cikin awa 24 da buɗewa. Na farkon aiki ne da za a yi sau ɗaya a gama. Na biyun ɗabi'a ce da za ta zauna a cikin manhajar banki har sai an sauya ƙa'ida. Haɗa su a layi ɗaya yana nufin ranar da aka gama loda tsofaffin za a rubuta an kammala, kuma babu wanda zai sake duba ko sababbin suna shiga cikin awa 24.

Haka nan kulle asusu ya kasu biyu. Asusun da ba kuɗi a cikinsa ana hana masa shiga da fita nan take har ya cika sabon sharaɗi. Wanda ke da kuɗi kuma ba shi da lamba, an ba shi zuwa 1 ga Maris, 2024. A tsakanin waɗannan akwai sake tantance lambobin da aka riga aka liƙa wa asusu, ta na'ura, zuwa 31 ga Janairu, 2024. A ƙarshe takardar ta jaddada tsare iyakokin kuɗi na mataki na ɗaya, ta kuma sanar cewa za a gudanar da bincike a hukunta wanda aka samu da saɓawa.

A kowane layi ana rubuta sakin layin takardar da aka ciro shi, da lafazin hukuma kamar yadda ya zo, sannan a gefensa a rubuta shi da harshen da ma'aikacin reshe zai gane. Ajiye asalin lafazin yana da dalili, kuma wannan takarda ta nuna shi sarai. Ga mataki na ɗaya, lamba ɗaya daga cikin biyun ta wadatar. Ga mataki na biyu da na uku, ana buƙatar duka biyun. Mai taƙaitawa da ya rubuta a sa BVN da NIN a kowane asusu zai sa a kori mai sayar da ƙosai da ta zo da NIN kaɗai, alhali ƙa'ida ta yarda a buɗe mata ƙaramin asusu. Wanda kuma ya rubuta ɗaya ta isa ga kowa zai bar manyan asusu cikin saɓawa. Layi ɗaya ga kowane mataki shi ne maganin wannan.

Daga nan wata tambaya ke tasowa, wadda jadawali mai kyau ba ya ɓoyewa. Asusun mataki na uku da ke da BVN amma ba shi da NIN, ya faɗa cikin waɗanda za a kulle ranar 1 ga Maris, ko kuwa a nemi mai shi ya cika kawai, ko a sauko da shi mataki na ɗaya? Irin wannan ba a barin ma'aikacin kanta ya yanke hukunci a kai. Ana buɗe masa gurbi na tambayoyi, sashen shari'a ya rubuta fahimtarsa da hujjarsa, a aika wa hukuma wasiƙar neman ƙarin bayani, a kuma rubuta matsayin da za a tsaya a kai kafin amsa ta zo. Matsayin da ya fi aminci shi ne a shirya kamar fassara mai tsauri ce za ta tabbata, wato a fara neman NIN daga masu waɗannan asusu tun da wuri, domin neman ba ya cutar da kowa, jinkirinsa ne ke cutarwa.

Abin da takarda ba ta faɗa ba

Rabin layukan jadawali ba su cikin takardar a rubuce. Suna fitowa ne idan aka tambayi kowane wajibi: me ya kamata ya riga ya faru kafin wannan ya yiwu? Ba a kulle asusun da ba shi da lamba sai an san waɗanne ne, saboda haka aikin farko shi ne fitar da jerin dukkan asusu, a kasa su bisa mataki, da mai kuɗi da maras kuɗi, da mai lamba da maras lamba. Ba a janyo bayanai ta na'ura sai manhajar banki ta haɗu da rumbunan biyu kuma an gwada haɗin. Ba a hana buɗe asusu a reshe kaɗai, domin ana buɗe asusu ta manhajar waya, da ta lambar da ake dannawa a ƙaramar waya, da hannun wakilai masu na'urar POS a kasuwanni da ƙauyuka. Kowace ƙofa daga cikinsu tana da layinta. Bankin da ya gyara fom ɗin reshe ya manta da wakilai ya bar ƙofar da ƙananan asusu suka fi shigowa ta cikinta a buɗe.

Sanar da abokan hulɗa ma wajibi ne na wannan rukuni, kuma shi ne ya fi shafar mutane kai tsaye. Manomin da aka kulle wa asusu ba tare da ya ji labari ba zai gane ne ranar da ya je cire kuɗin taki. Saƙon waya da aka tura da Turanci ga wanda Hausa kaɗai yake ji bai isar da komai ba, ko da an rubuta a jadawali cewa an tura. Saboda haka layin sanarwa yana faɗin harshe, da hanya, da sau nawa za a maimaita, kuma yana barin tazarar da mutum zai iya zuwa ya yi rajistar NIN idan ba shi da ita, tunda wannan ba a hannun banki yake ba.

Mai aiki ɗaya ga kowane layi

Gurbin wanda ke da alhaki yana ɗaukar muƙami ɗaya, ba sunan sassa biyu ba. Idan aka rubuta sashen na'ura da sashen ayyuka tare, kowanne zai jira ɗan'uwansa, kuma ranar tambaya kowanne yana da uzuri mai ma'ana. Sassan da za su taimaka ana rubuta su a wani gurbi dabam. Ma'aunin zaɓen mai alhaki shi ne wanda ke da ikon sa aikin ya faru, wato mai ma'aikata da kasafi da izinin taɓa tsarin.

A takardar nan, haɗa manhaja da rumbunan bayanai da toshe buɗe asusu maras lamba na shugaban sashen na'ura ne. Fitar da jerin asusu da sanya alamar kullewa na shugaban sashen ayyuka ne, ko da kuwa ma'aikacin na'ura ne zai danna umarnin, domin sashen ayyuka ne ya san wane asusu ya cancanci kullewa kuma shi zai amsa idan aka kulle na wanda ya cika sharaɗi. Wakilai na ƙarƙashin mai kula da harkar wakilai. Sanarwa da karɓar ƙorafi na sashen kula da abokan hulɗa ne, gyaran littafin aiki da horar da ma'aikatan rassa kuma na shugaban harkokin rassa.

Jarabar da ta fi yawa ita ce a zuba komai a kan sashen bin ƙa'ida, tunda shi ya karɓi takardar. Wannan kuskure ne mai illa biyu. Sashen ba shi da hannun da zai gyara manhaja ko ya kulle asusu, kuma idan ya zama mai aikin, babu wanda ya rage ya duba aikin. Nasa shi ne riƙe jadawali, da fassara, da bibiya, da kai rahoto ga shugabanni da kwamitin daraktoci, da yin magana da hukuma. Sashen binciken cikin gida kuwa ba a ba shi layin aiwatarwa ko ɗaya, saboda shi zai zo daga baya ya gwada ko abin da aka ce an yi an yi shi. Kuma ba a ɗaukar layi ya samu mai shi har sai wanda aka rubuta ya amsa a rubuce cewa ya karɓa.

Ranar hukuma da ranar gida

Kowane layi yana da rana biyu. Ta farko ita ce wadda hukuma ta sa, ba a taɓa ta. Ta biyu ita ce wadda ma'aikata ta sa wa kanta, kuma ana samun ta ne ta hanyar ƙidaya da baya daga ta farko.

Takardar ta fito ranar Juma'a. Daga Litinin 4 ga Disamba zuwa Laraba 31 ga Janairu, idan aka cire ranakun Asabar da Lahadi da hutun Kirsimeti na kwana biyu da na sabuwar shekara, ranakun aiki 40 ne suka rage, ba wata biyu cur da ido ke gani a takarda ba. A ƙaddara wani ƙaramin banki yana da asusu 50,000 da za a sake tantance lambobinsu. Idan haɗa manhaja da gwaji ya ci kwana 10 na aiki, saura 30. Dole a ware aƙalla kwana 5 a ƙarshe saboda waɗanda tantancewarsu za ta gaza, domin sunan da ke banki yakan saɓa da na rumbu: wani an rubuta masa Muhammad a nan da Mohammed a can, wata ta sauya suna bayan aure, wani ranar haihuwarsa ta bambanta. Saura kwana 25 ke nan, wato asusu 2,000 a kowace rana. Wannan adadi shi ne abin da ake bibiya. Idan mako na farko ya wuce ana yin 800 a rana, an san tun a Disamba cewa wa'adin zai kuɓuce, kuma akwai sauran lokacin ƙara hannu ko gudanar da aikin da dare. Jadawalin da ya rubuta 31 ga Janairu kawai ba zai nuna matsala ba sai a makon ƙarshe.

Lafazin wa'adi ma yana buƙatar kula. Aikin da aka ce a gama zuwa 31 ga Janairu yana da wannan ranar a cikinsa. Wanda aka ce ya fara aiki daga 1 ga Maris yana nufin asusun su wayi gari a kulle, don haka ranar aikin ta gaskiya ita ce daren Alhamis 29 ga Fabrairu, kuma gwajin umarnin kullewa ya riga wannan da kwanaki. Wajiban da aka ce nan take su ne mafi wuya, domin babu manhajar da ake gyarawa cikin yini ɗaya. Abin da ake yi shi ne matakin wucin gadi a ranar farko, kamar umarni a rubuce ga dukkan rassa da wakilai su dakatar da buɗe asusu maras lamba, ko rufe wannan hanya a manhajar waya, sannan gyara na dindindin ya samu layinsa da ranarsa. Duka biyun ana ajiye shaidarsu da kwanan wata.

Shaida

Gurbin ƙarshe yana amsa tambayar mai bincike: da me za a tabbatar? Ana cika shi tun ranar da aka buɗe layin, ba bayan an gama ba, domin sanin shaidar da ake so yana gyara yadda ake yin aikin. Kalmar an yi ba shaida ba ce. Shaidar kulle asusu ita ce rahoton da aka ciro daga manhaja ranar 1 ga Maris, mai nuna adadin asusu marasa lamba da adadin waɗanda aka kulle, kuma adadin biyu su zo daidai. Shaidar hana buɗe asusu ita ce gwajin da aka yi a kowace ƙofa aka ga ta ƙi, tare da jerin asusun da aka buɗe tun 1 ga Disamba wanda babu maras lamba a cikinsa. Shaidar awa 24 ita ce kwatanta lokacin buɗe asusu da lokacin shigarsa kundi, kuma wannan ana maimaita shi wata bayan wata.

Akwai alamun da ke nuna jadawali ya lalace tun kafin masu bincike su iso. Layin da ya shafe makonni yana ɗauke da ana kan yi ba tare da adadi ba, yawanci ba a fara shi ba. Ranar gida da ta zo daidai da ranar hukuma tana nuna ba a yi ƙidaya da baya ba. Jadawalin da komai nasa ya kammala ba tare da ko asusu ɗaya da ya gaza tantancewa ba, ya fi kama da wanda ba a gwada ba.

Bayan wa'adi

Jadawali ba ya rufuwa ranar wa'adi na ƙarshe. Layukan da aka yi sau ɗaya ana rufe su da sa hannun mai bincike na cikin gida. Masu ɗorewa, irin su sharaɗin buɗe asusu da awa 24 da iyakokin kuɗi, ana mayar da su babban kundin wajibai na ma'aikata, a sa musu lokacin dubawa. Kuma wani yana ci gaba da sa ido a kan hukumar, domin takarda takan sami ƙarin bayani, ko ɗage wa'adi, ko janyewa gaba ɗaya. A ranar 6 ga Mayu, 2024, Babban Bankin ya umarci bankuna su fara cire harajin tsaron intanet na rabin kashi ɗaya cikin ɗari daga hada-hadar kuɗi ta na'ura, sannan ya janye umarnin da wata takarda mai kwanan watan 17 ga Mayu, kafin ranar fara cirewa ta zo. A irin wannan hali ba a goge layukan. Ana rubuta an soke, da takardar da ta soke su, kuma a buɗe sabon layi na kashe abin da aka riga aka shirya a manhaja. Labarin jarida ko jawabin wani jami'i bai isa a dakatar da aiki ba. Wajibin da hukuma ta kafa a rubuce yana nan daram har sai ita kanta ta sauke shi a rubuce.